Yadda na'ura ke ƙera hoto daga yayyafin ɗigo-ɗigo

A watan Nuwamban 2025 wata babbar kotu a London ta yanke hukunci a ƙarar da kamfanin dillancin hotuna na Getty Images ya shigar a kan kamfanin Stability AI. Ɗaya daga cikin tambayoyin da ke gaban kotun ita ce, shin manhajar zana hotuna ta Stable Diffusion tana ɗauke da kwafin hotunan da aka horar da ita da su?

Mai shari'a Joanna Smith ta ce manhajar ba ta adana hotunan a cikinta, ko da yake ta amince cewa a wasu 'yan lokuta an keta haƙƙin tambarin Getty, wanda ya riƙa fitowa a jikin wasu hotunan da manhajar ta zana.

Wannan hukunci ya bar mutane da dama da tambaya. Idan na'ura ba ta ajiye hotuna ba, daga ina take samo hoton da take fitarwa? Ta yaya kuma tambarin wani kamfani ya shiga ciki? Amsar duka tambayoyin biyu tana cikin yadda ake koyar da irin wannan ƙirƙirarriyar basira.

Koyon gyara ta hanyar ɓatawa

Duk hoton da ke cikin kwamfuta jerin lambobi ne. Hoto mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance yana da ɗigo fiye da dubu 262, kuma kowane ɗigo yana da lambobi uku da ke nuna yawan launin ja da kore da shuɗi a cikinsa. Jimilla lambobi 786,432 ke nan.

Idan aka ƙara wa kowace lamba wani adadi da aka zaɓa da ka, ko aka rage mata, hoton zai fara yin dishi-dishi, irin ɗigo-ɗigon da ke cika allon tsohuwar talabijin idan tasha ta ɗauke. Wannan ɗigo-ɗigo shi za mu kira yayyafi. Idan aka ci gaba da ƙara shi kaɗan-kaɗan, za a kai matakin da hoton zai ɓace gaba ɗaya, ba a iya gane ko na doki ne ko na masallaci.

Masana sun kwatanta wannan da yadda ɗigon tawada ke watsuwa a cikin ruwa har ya narke. Daga nan aka samo sunan wannan fasaha, domin kalma ta biyu a sunan Stable Diffusion watsuwa take nufi. Jascha Sohl-Dickstein da abokan aikinsa ne suka gabatar da dabarar a shekarar 2015 a Jami'ar Stanford. A 2020 kuma Jonathan Ho da Ajay Jain da Pieter Abbeel na Jami'ar California da ke Berkeley suka nuna cewa za ta iya fitar da hotuna masu inganci, inda suka raba ɓata hoton zuwa matakai 1,000.

Horon kansa mai sauƙin bayani ne. Ana ɗaukar hoto na gaske, a zaɓi mataki ɗaya daga cikin dubun, a zuba masa yayyafi daidai gwargwadon matakin, sannan a miƙa wa na'urar a tambaye ta wane yayyafi aka zuba. Da yake mai horarwa ne ya zuba shi, ya san amsar. Sai a auna tazarar da ke tsakanin hasashen na'urar da gaskiya, a ɗan gyara lambobin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, a sake da wani hoton. Ana maimaita haka sau ɗaruruwan miliyoyi.

Misali da lamba guda

A ɗauka wata lamba a cikin hoto ita ce 0.5, yayyafin da aka zaɓa mata kuma -1. A wani mataki na tsakiya, ana ninka lambar hoton da 0.8, a ninka ta yayyafin da 0.6, a haɗa su. Wato 0.4 a haɗa da -0.6, wanda ya ba da -0.2. Wannan kaɗai na'urar za ta gani.

Idan ta yi hasashen cewa yayyafin -0.9 ne, sai a juya lissafin, a samu cewa lambar asali ta kai kimanin 0.43. Ba ta dace daidai ba, amma ta kusa, kuma ɗan kuskuren nan shi ake amfani da shi wajen gyara ta.

Abin lura shi ne, ba za a iya wannan hasashe da kallon lamba ɗaya ba. Dole na'urar ta dubi maƙwabtan ɗigon da ma hoton baki ɗaya. Domin ta gane abin da ba na hoton ba ne, tilas ta san yadda hotuna suka saba kasancewa: cewa sararin sama yakan zo a sama, idanu kan zo biyu, inuwa kan faɗi ɓangaren da haske ba ya nan. Wannan sani shi ne abin da ke zama a cikinta bayan horo.

Daga yayyafi zuwa doki

Idan aka zo zana sabon hoto, babu wani hoton asali. Kwamfuta ce ke ƙirƙiro yayyafi zalla, ta miƙa wa na'urar tamkar akwai hoto a ƙarƙashinsa. Ita kuma ta yi abin da ta saba, ta yi hasashen abin da ya kamata a cire.

A ce mutum ya nemi hoton farin doki a bakin kogi daga Stable Diffusion na farko, wanda aka saki a watan Agustan 2022 bisa binciken wasu masana na Jami'ar Ludwig Maximilian da ke Munich. Wani sashe mai suna CLIP zai fara mayar da jimlar zuwa lambobi, kuma na'urar za ta riƙa duba waɗannan lambobi a kowane mataki. Ta koyi alaƙar kalma da siffa ne domin hotunan horon sun zo da rubutun bayaninsu. Rubutun na Ingilishi ne, shi ya sa wannan manhaja ba ta cika gane buƙatar da aka rubuta da Hausa ba.

A matakin farko hasashen yakan zama hazo-hazo, wani farin abu a tsakiya da wani duhu a ƙasa. Saboda haka ba a karɓarsa dungurungum. Ana cire kaɗan ne daga yayyafin, a sake tambayar na'urar. Matakan farko su ke tsayar da fasalin hoton, wato inda dokin zai tsaya da inda ruwan zai bi. Na tsakiya su fitar da ƙafafu da kai, na ƙarshe kuma su zana gashi da ƙyallin ruwa. Ba lallai a bi matakai dubu ba, domin an samo hanyoyin tsallakawa, kuma 20 zuwa 50 sukan wadatar.

Akwai kuma dabarar da ta sa manhajar ke iya aiki a kwamfutar gida. Ba ta wannan aiki a kan lambobi 786,432. Tana yin sa ne a kan wani matsattsen siffar hoton mai lambobi 16,384, wato ƙasa da na asali sau 48. Sai a ƙarshe wani sashe ya buɗe shi ya zama cikakken hoto.

Mai amfani da manhajar zai ga wasu ma'aunai a allo. `seed` ita ce lambar da ake fitar da yayyafin farko daga gare ta. Idan aka bar ta yadda take, tare da jimlar da sauran ma'aunai, hoto iri ɗaya za a samu, idan kuma aka sauya ta sai wani dokin daban ya fito. `guidance scale` kuwa yana nuna yadda za a matsa wa na'urar ta bi jimlar. A kowane mataki ana hasashe biyu, ɗaya da jimlar, ɗaya babu ita, sai a ninka bambancinsu. An saba sa shi a 7.5. Idan ya yi ƙasa ƙwarai hoton yakan kauce wa abin da aka nema, idan ya yi sama ƙwarai launuka sukan yi tsanani, hoton ya zama kamar ya ƙone.

Inda take hardacewa

Sashen da ke cire yayyafi a wannan manhaja yana da lambobi kimanin miliyan 860. Ko da a matse aka ajiye hotuna a wannan fili, abin da zai ɗauka bai wuce kimanin dubu 52 ba, alhali an horar da ita da ɗaruruwan miliyoyin hotuna. Wannan lissafi ne ke ƙarfafa hujjar masu cewa na'urar ba rumbun hotuna ba ce.

Sai dai batun bai tsaya nan ba. A 2023 Nicholas Carlini da abokan aikinsa sun sa manhajar ta zana hotuna miliyan 175, ta hanyar amfani da bayanan hotunan da suka fi maimaituwa a kayan horon. Sun samu kimanin hotuna 100 da suka fito kusan daidai da na asali. Adadin ƙanƙani ne, amma ya nuna cewa abin da na'urar ta gani sau da yawa tana iya hardace shi.

Haka tambarin Getty ya shiga. Ya bayyana a jikin hotuna masu yawan gaske, har na'urar ta ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na yadda wasu hotuna suke, ta riƙa zana shi, sau da yawa a karkace.

Alamomin da ke gushewa

Wannan hanya ta koyo ita ce kuma ta haifar da kurakuran da aka san manhajojin farko da su. Na'urar ta san yatsu kan zo a jere, amma ba ƙirga su take yi ba, shi ya sa ake ganin hannu mai yatsu shida. Rubutu ma ta ɗauke shi a matsayin zane, sai haruffa su fito marasa ma'ana.

Hoton bogi na marigayi Fafaroma Francis sanye da farar rigar sanyi mai kumburi, wanda aka yi da Midjourney ya kuma bazu a watan Maris na 2023, ya yaudari jama'a da dama. Amma masu lura sun nuna cewa hannunsa da abin da yake riƙe da shi ba su zauna daidai ba.

Manhajojin da suka biyo baya sun rage irin waɗannan kurakurai ƙwarai, don haka hannu mai yatsu biyar ba ya tabbatar da cewa hoto na gaske ne. Abin da ya fi amfani a yanzu shi ne a binciki inda hoton ya fara fitowa, da wanda ya ɗauke shi, da ko akwai wasu hotunan wannan lamari da aka ɗauka daga wata kusurwar.

Hukuncin London kuma bai amsa babbar tambayar ba, wato ko halal ne a horar da na'ura da hotunan mutane ba da izininsu ba. Getty ya janye wannan ɓangare na ƙarar tun ana cikin shari'ar, saboda ba a nuna cewa a Birtaniya aka yi horon ba.