Rabi ma amsa ce

Malaman sakandare na kukan cewa ɗalibi kan warware lissafi daidai, sannan ya soke amsarsa don ba cikakkiyar lamba ba ce. A ganinmu, gyaran yana hannunmu mu malaman firamare.

Mu duba 2x² + 5x − 3 = 0. A ninka 2 da −3, a sami −6. Lambobin da ninkinsu −6 ne, jimillarsu kuma 5, su ne 6 da −1. Da su ake raba 5x, a fitar da (2x − 1)(x + 3) = 0. Tilas ɗayan ɓangarorin ya zama sifiri, saboda haka x = −3 ko x = 1/2. A gwada rabin: 1/2 + 5/2 − 3 = 0.

Yaron da ya saba kowace rabawa ta ƙare babu saura, dole ya tsargu da wannan rabi. Mu riƙa ba 'yan aji biyar 7 ÷ 2, mu nemi 3½ daga gare su.