Ra'ayinmu: Takardunka sun cika, amma me ka rubuta a kan saƙon?

Duk lokacin da wata ƙungiyar agaji ta sanar da ɗaukar masu tattara bayanai a gundumomin Tasawa da Mayahi, kafin rana ta faɗi hoton sanarwar ya zagaye wayoyin matasa daga Korgom har birnin Maraɗi, ya ƙetara Yamai da Agadas, ya dawo ta hannun 'yan'uwan da ke Aljeriya ko Abijan. Aiki ne na kwana 10 ko 20, amma ga wanda ya gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ya koma gida yana jira, wannan ne layin farko da zai shiga takardar CV ɗinsa. Sai a haɗa takardu, a ɗauki hotonsu, a sayi data, a tura. Daga nan shiru.

Wannan shiru yana da dalilai da yawa, kuma ba mu musun cewa sanayya na cikinsu. Amma akwai dalili guda da ke hannun mai neman aikin kansa, wanda bai cin ko dala, kuma shi ne aka fi wasa da shi: ɗan layin nan da ke saman imel, wanda waya ke kira `Objet` da Faransanci ko `Subject` da Turanci. A nan za mu kira shi kan saƙo.

Wanda ya taɓa kai takardun neman aiki da hannu ya san cewa sanarwa kan ce a sa su cikin ambulan a rufe, a rubuta sunan aikin a bayansa. Ba wanda ke miƙa ambulan fari fat ya yi tsammanin sakatare zai san tarin da zai jefa shi. Kan saƙo shi ne bayan ambulan ɗin. Abin mamaki, mutumin da ba zai yi kuskure da ambulan ba, shi ne zai tura imel da kai babu komai, saƙon ya isa da `(aucun objet)`, ko ya rubuta `Salut`, ko `CV` kawai.

Mu tsaya ta ɓangaren wanda ke karɓa. Sau da yawa adireshi ɗaya ne ake amfani da shi wajen ɗaukar direba da akanta da masu tattara bayanai a lokaci guda. Jami'in ba ya buɗe saƙonni ɗaya bayan ɗaya don ya gano wa ke neman me. Idan ranar rufewa ta wuce, zai shiga wurin bincike ya buga lambar aikin. A Gmail abin bai wuce haka ba:

```
subject:(ENQ-014)
```

Abin da ya fito shi zai kwashe ya kai wa kwamitin tantancewa. Wasu ma tun farko suke saita akwatin yadda duk saƙon da ke ɗauke da lambar zai wuce ma'ajiyarsa da kansa. Saƙon da ba ya ɗauke da ita yana nan a akwatin, ba wanda ya goge shi, ba kuma wanda ya ƙi shi. Ba a dai gan shi ba. Shi kuwa mai saƙon yana Korgom yana cewa an yi son kai.

Saboda haka doka ta farko ba ta buƙatar basira. Idan sanarwa ta faɗi abin da za a rubuta a kan saƙo, a kwafe shi harafi da harafi. Kada a fassara shi, kada a gyara masa nahawu, kada a mayar da sifili harafin O. Kundin tsarin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, kuma muna alfahari da hakan. Amma in sanarwa da Faransanci ta zo, da Faransanci jami'in zai yi bincike, don haka kan saƙo ya bi harshen sanarwar.

Ga misali. A ce wata ƙungiya na neman masu tattara bayanai a Korgom da Tasawa da Mayahi, lambar aikin `ENQ-014`, kuma ta ce a sa lambar da garin da ake so. Abin da yawancin matasanmu za su rubuta, saboda haka aka koya mana rubuta wasiƙar neman aiki a makaranta, shi ne:

```
Bonjour Monsieur, j'ai l'honneur de solliciter le poste d'enquêteur
```

Ladabi ne, amma ba muhallinsa ba ne. A jerin saƙonni na waya, abin da ke fitowa daga kan saƙo yakan tsaya tsakanin harufa 30 zuwa 40, gwargwadon faɗin wayar. Idan ka ƙirga daga `Bonjour` zuwa `de`, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, harufa 35 ne. Wato duk abin da jami'in zai gani gaisuwa ce, sai ɗigo uku. Sunan aikin ya faɗa bayan labule, lambar kuma babu ita sam. Kwatanta da wannan:

```
ENQ-014 Enquêteur Korgom - Prénom NOM
```

Lambar da aikin da garin duka sun shige cikin harufa 24. Ko waya ta yanke sauran, abin da zai ɓace sunanka ne, wanda dama yana fitowa a wurin sunan mai aikowa. Gaisuwa da "ina da alfaharin nema" su koma cikin saƙon, can ne gidansu.

Sanya garin ba ado ba ne. Mai ɗaukar aikin bincike yana raba mutane ne gari-gari, kuma yana son wanda ya san ƙauyukan, wanda ba sai an biya masa masauki ba, wanda mai gari zai karɓa ba tare da dogon bayani ba. A irin wannan aikin, zama ɗan Korgom daraja ce da ɗan Yamai ba shi da ita. Amma muna ganin matasa na ɓoye garinsu su rubuta Maraɗi, wai don kada a raina su, sai su jefa kansu cikin tarin da ya fi kowane cunkoso.

Akwai kuma batun suna. A gida kana Muhammadu, a takardar haihuwa da ta shaidar karatu an rubuta shi da rubutun Faransanci. A kan saƙo, da sunan fayil ɗin CV, da sunan da ke jikin akwatin imel ɗinka, yi amfani da wanda ke cikin takardun, domin shi za a nema ranar da aka fitar da jerin sunaye. Haka ma sunan gari: `Tessaoua` za a buga a bincike, ba Tasawa ba. Sunan akwatin kuwa a duba shi da kyau, don shi ido ke fara gani kafin kan saƙon. Laƙabin da abokai ke kiranka da shi a fada bai dace ya tsaya a saman takardar neman aiki ba.

To idan sanarwar ba ta faɗi komai ba fa, ko kuma kai ne ka ga dama ka tura ba tare da an yi sanarwa ba? A nan ne ake da ɗan fili, amma tsarin bai sauya ba: aikin, garin, suna, sannan abu guda da ya bambanta ka da saura.

```
Enquêtrice Tessaoua - Prénom NOM - haoussa, KoboCollect
```

KoboCollect manhaja ce da ƙungiyoyi da yawa ke cike tambayoyin bincike da ita a waya. Wanda ya iya ta ya rage wa mai ɗauka wahalar horo, don haka ta cancanci shiga kan saƙo. `Motivé` da `dynamique` ba su cancanta ba, kowa haka yake cewa. Kuma a faɗi gaskiya, don ranar gwaji waya za a miƙa maka. Su `URGENT` da manyan harufa da jerin alamun motsin rai, su ne tufafin saƙonnin 'yan damfara, kuma gaggawarka ba ta jami'in ba ce. Idan wani ma'aikacin wurin ne ya ce ka tura, ana iya ambaton sunansa a ƙarshen layin, amma sai da izininsa.

Yanzu ga 'yan'uwanmu na ƙetare, waɗanda su ne suka fi yaɗa sanarwar. Umarnin abin da za a rubuta yawanci yana can ƙasan sanarwa, kusa da adireshi da ranar rufewa, kuma shi ne wurin da ake yankewa idan an ɗauki hoton fuskar waya an tura ta WhatsApp. Ku tura sanarwar gaba ɗayanta. Kuskure na biyu ya fi wannan yawa: ƙane ya turo wa yaya takardunsa, yaya ya danna tura gaba zuwa ga ƙungiyar saboda shi ke da intanet mai ƙarfi. Saƙon zai isa da `Fwd:` ko `TR:` a gaba, da tsohon kai irin su "ga takardun", da sunan wani mutum daban a matsayin mai aikowa. Idan aka kira ganawa ta imel, amsar za ta tafi Tamanrasat, mai neman aikin yana Korgom bai sani ba. Haka abin yake ga wanda ya bar mai shagon intanet ya tura masa da adireshin shagon. Taimakon da ya fi shi ne a saya wa ƙanen data, ya tura da akwatinsa.

Gwajin da ke nuna ko an yi daidai ba shi da wuya. Kafin ka tura wa ƙungiyar, tura wa kanka ko abokinka, ka dubi jerin saƙonni ba tare da ka buɗe ba. In ka ga lambar da sunan aikin kafin a yanke, ya yi. Sannan buga lambar a wurin bincike ka ga ko saƙon zai fito. Idan daga baya ka tuna ka manta wata takarda, sake tura komai da wannan kan saƙon, ka ƙara `dossier complet` a ƙarshe, maimakon ka aika takardar ita kaɗai ba kai ba suna.

Kada kuma a ɗora wa wannan layi abin da ba zai iya ɗauka ba. Ba ya maye gurbin shaidar karatun da aka nema, ba ya ceto saƙon da ya iso bayan ranar rufewa. Manyan hukumomi irin na Majalisar Ɗinkin Duniya galibi ta shafinsu ake cike fom, ba ruwansu da imel ɗinka. Aikinsa guda ne: ya sa takardunka su shiga tarin da za a karanta.

Su ma masu ɗaukar aikin akwai magana a kansu. Sanarwa da yawa na zuwa da kan saƙo mai tsawon layi biyu da ake so a kwafa, alhali a hoto aka saki sanarwar, ba yadda za a kwafa sai a buga da hannu a ƙaramar waya. Wasu ba su faɗin komai, sannan su tace da lambar da ba su bayar ba. Muna kira ga ƙungiyoyin da ke aiki a jihar Maraɗi, da hukumar ANPE da irin waɗannan sanarwa ke bi ta hannunta, su riƙa ba da gajeriyar lamba, su sa ta a saman sanarwa ba a ƙasa ba, su kuma saita amsa mai fita da kanta da ke cewa saƙo ya iso. Duk wani akwatin Gmail ko Outlook na iya yin wannan, kuma saita shi bai kai minti biyar ba.