Takardar kamfani ba ta walda

'Yan uwa, a duba wannan layi da ake yawan sakawa cikin dosiyen neman kwangila: "ana bukatar ma'aikata masu takardar shaidar ƙwarewa". Sai ɗan kwangila ya manna kwafin ISO 9001 na kamfaninsa, kwamiti ya ga hatimi ya gyaɗa kai. To wallahi ba abin da aka tambaya ba ke nan.

ISO 9001 shaidar tsarin tafiyar da kamfani ce: yadda yake ajiye takardu, yadda yake sayen kaya, yadda yake gyara kuskure in an kawo kuka. Masu bincike su zo su duba, a ba da takarda ta shekara 3, ana leƙowa duk shekara. Ƙungiyar ISO da ke Janeba ma ba ita ke bayarwa ba, wasu kamfanonin tantancewa ne. Kuma ba a ba wa mutum ita. Duk wanda ya ce muku shi "injiniya mai ISO 9001" ne, ko dai kwas ya yi, ko yana raina muku hankali.

Mu ɗauka za a kafa shato na ƙarfe a wani ƙauyen Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji, dosiye ya ce mai walda ya zama mai shaida. Abin da ake nufi shi ne mutum guda, mai suna, ya zauna gaban mai jarrabawa ya haɗa ƙarfe da hannunsa, aka gwada haɗin aka ga ya riƙe. Ma'aunin wannan shi ne ISO 9606-1. Takardar tana ɗauke da sunansa, da irin waldar, da kaurin ƙarfen, da yanayin da aka gwada shi. Wanda ya ci jarrabawa da ƙarfe shimfiɗe a ƙasa, ba shi da izinin waldar da ake yi sama da kai. Kuma duk wata 6 sai an sa hannu cewa yana kan aikin. In ya bar kamfanin, shaidar ba ta zama ta wanda ya gaje shi.

Nan ne ake cutarmu. A ari takardar wani gwani da ke Yamai a ci kwangila, ranar aiki a turo yaron shago. Ba laifin yaron ba ne, shi ma abinci yake nema. Amma in shato ya fara yoyo, matan ƙauyen ne za su koma rijiya da guga, mai takarda ko hanyar garin bai sani ba.

Wasu za su ce tsanantawa za ta kori ƙananan 'yan kwangilarmu na Maraɗi, Agye da Gazawa. Akasin haka ne. Jarraba mai walda ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tantance kamfani sukutum. Layin da aka bari a dunƙule shi ke ba manya dama su rufe ƙanana da hatimi.

Don haka magajin gari da kwamitinsa su rubuta a fili: wane aiki, wace shaida, mutum nawa. Ran da aka fara aiki kuma, mai sa ido ya karɓi katin ɗan ƙasa na wanda ke riƙe da abin walda, ya gwama da sunan da ke cikin dosiye. In an canja mutum, a nuna takardar amincewa da canjin, da shaidar sabon.