Ɗigo Saba'in da Uku Tsakanin Jari da Tsiya

Tallan kasuwar canjin kuɗi ta intanet, wadda ake kira foreks, kusan kullum da lamba ɗaya yake yaudarar jama'a: 1:200, ko 1:500, wani lokaci har 1:1000. Masu tallan suna cewa da dala 1,000 mutum zai juya dala 200,000. Wannan ninkin shi ne lebareji. Abin da ba sa faɗa shi ne tazarar da farashi zai yi kafin a rufe wa mutum cinikinsa ba da shawararsa ba. Tazarar nan ita ce lambar da ta kamata ta zo a saman kowane talla, kuma ɓoye ta ha'inci ne, ko da an binne bayaninta cikin ƙananan haruffan yarjejeniya.

A ɗauka wani akawu ya zuba dala 1,000 a asusun wani kamfanin dillanci mai ba da ninki 1:200. Farashin yuro a kan dala yana 1.1000, shi kuma yana ganin yuro zai tashi. Sai ya sayi lot ɗaya, wato yuro 100,000, wanda darajarsa ta kai dala 110,000. Dillali ba ya neman wannan kuɗi duka. Yana riƙe kashi ɗaya cikin 200 a matsayin jingina, wato dala 550. Wannan jingina ita ce take fitowa a allon manhajar MetaTrader da sunan Margin. Ragowar dala 450 kuwa allon yana kiranta Free Margin, kuma ita kaɗai ce garkuwar akawun.

A nan ne mafi yawan sababbin 'yan kasuwa suke kuskure. Suna ɗaukar dala 550 tamkar kuɗin kayan da suka saya, suna ganin iyakar kasadarsu ke nan. Alhali riba da asara ana lissafa su ne a kan dala 110,000 cif. Ma'aunin motsin farashi shi ne lamba ta huɗu bayan ɗigo, wadda 'yan kasuwar suke kira fif, kuma a lot ɗaya na yuro da dala kowane ɗigo guda dala 10 ne. Idan farashi ya sauka daga 1.1000 zuwa 1.0999, akawun ya yi asarar dala 10 nan take.

Dillali ba ya kallon kuɗin da aka zuba. Yana kallon abin da ya rage bayan an cire asarar da take gudana, wanda allo yake kira Equity, sannan ya auna shi da jingina:

```
Margin Level = Equity / Margin x 100
```

A lokacin buɗe cinikin, wannan ma'auni yana kan kashi 182 cikin 100. Dillalai sun bambanta a kan iyakokinsu, amma tsarin da ya yawaita shi ne gargaɗi a kashi 100, rufewar dole a kashi 50. Gargaɗin shi ne Margin Call, rufewar kuma Stop Out.

Yanzu a bar yuro ya sauka da ɗigo 45, zuwa 1.0955. Asara ta kai dala 450, abin da ya rage dala 550, daidai da jinginar. Ma'auni ya taɓa kashi 100, gargaɗi ya zo, kuma akawun ba zai iya buɗe sabon ciniki ba. Farashin bai faɗi da ko rabin kashi ɗaya cikin 100 ba: kashi 0.41 kawai ya sauka. Idan ya ƙara zamewa zuwa 1.0927, wato ɗigo 73 daga inda aka fara, abin da ya rage zai koma dala 270, ƙasa da rabin jingina. Nan na'ura za ta sayar da yuron da kanta. Yuro ya sauka da kashi 0.66 cikin 100, akawu ya rasa kashi 73 cikin 100 na jarinsa.

Motsin ɗigo 70 a rana ɗaya ba baƙon abu ba ne ga yuro da dala. Rahoton guraben aiki na Amurka, wanda galibi yake fitowa a Juma'ar farko ta wata, ko jawabin shugaban babban banki, yana iya kawo shi cikin mintuna kaɗan. Wanda ya sayi yuro 100,000 da kuɗinsa na kansa zai ga asarar dala 730 a kan 110,000, ya kwanta barci ya jira gobe. Akawun ba shi da gobe. Ko da yuro ya juyo da yamma ya haura 1.1100, yadda ya yi hasashe tun farko, an riga an fitar da shi. Hasashensa ya yi daidai, kuɗinsa sun tafi. Kafin dala 270 ta sake zama 1,000 kuwa, sai ya ci ribar kashi 270 cikin 100.

Sunan Margin Call ma kansa yana ruɗi. Ya samo asali ne daga zamanin da dillali yake buga waya ya ba abokin ciniki wa'adin kawo ƙarin kuɗi. A asusun foreks na yau babu mai kiran kowa. Layi ne yake komawa ja a allo, wani lokaci da saƙon imel. Tsakanin gargaɗi da rufewa a misalin nan ɗigo 28 ne kacal, tazarar da kasuwa take iya cinyewa kafin mutum ya fito daga taron ofis. Wanda ya ga jan layin a kan lokaci kuma yakan faɗa tarko na biyu: ya tura ƙarin kuɗi don ceton cinikin da yake nutsewa, ba tare da ya rage girmansa ba. Kowace dala 100 da ya ƙara ɗigo 10 kawai take saya masa.

Da ninkin 1:500 lamarin ya fi muni. Jinginar lot ɗaya takan sauka zuwa dala 220, sai dala 1,000 ta isa buɗe lot huɗu. Kowane ɗigo ya zama dala 40. Gargaɗi zai zo bayan ɗigo 3, rufewa bayan ɗigo 14. Ratar da dillali yake sakawa tsakanin farashin saye da na sayarwa, ko da ɗigo ɗaya ce, ta riga ta ci dala 40 tun kafin kasuwa ta motsa. Mai wannan asusu ba hasashen tattalin arzikin Turai yake yi ba, caca yake yi a kan rawar da farashi zai yi cikin minti biyar.

Masu kare wannan harka suna da amsa, kuma amsar tana da ƙanshin gaskiya. Sukan ce laifin na girman ciniki ne, ba na lebareji ba. A lissafi haka ne. Da akawun ya buɗe lot 0.10, wato yuro 10,000, da kowane ɗigo dala 1 ne, da faɗuwar ɗigo 73 ta ci masa dala 73 kawai. Ninkin da ya kamata a duba shi ne darajar ciniki a raba da kuɗin asusu: 110 a ciniki na farko, 11 a na biyu. Sai dai wannan hujja ta kauce wa tambaya. Wane ne ya buɗe wa mai dala 1,000 ƙofar riƙe dala 110,000? A ƙarƙashin ninki 1:30, jinginar lot ɗaya ta haura dala 3,600, manhaja ma ba za ta karɓi odar ba. Babban ninki ba shi da wani amfani ga mai taka-tsantsan, domin ba zai taɓa shi ba. Amfaninsa ɗaya ne: ba wa marar ƙwarewa damar ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa. Kuma tun da kuɗin shigar dillali yana ƙaruwa da girman cinikin da aka buɗe, ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalilin da ya sa ake tallata shi.

Amsarsu ta biyu ita ce odar tsayar da asara, Stop Loss. Tana da amfani a ranakun da kasuwa take tafiya ɗigo bayan ɗigo. Amma umarni ce ta sayarwa a farashin da aka samu, ba alkawarin farashin da aka rubuta ba. Ranar 15 ga Janairu, 2015, Babban Bankin Suwizalan ya janye iyakar faran 1.20 a kan yuro ɗaya, wadda ya tsare tun Satumba 2011. Cikin mintuna yuro ya rufta ƙasa da faran ɗaya, babu mai saye a tsakani. Odojin tsayar da asara da rufewar dole duk sun cika a farashi mai nisa, asusai da yawa suka wuce sifili suka koma bashi. Kamfanin FXCM ya sanar cewa abokan cinikinsa sun bar masa giɓin kimanin dala miliyan 225, reshen Alpari na Birtaniya kuma ya durƙushe.

Hukumomin da suka ga alƙaluman ba su tsaya a nasiha ba. Amurka ta taƙaita ninkin manyan kuɗaɗe a 1:50 a 2010, Japan ta sauke nata zuwa 1:25 a 2011. A 2018 hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta sa iyakar 1:30 ga manyan kuɗaɗe, ta wajabta rufewa a kashi 50, ta kuma hana a bi ƙaramin ɗan kasuwa bashin da ya wuce abin da ya zuba. Hujjarta ita ce binciken hukumomin ƙasashen Turai, wanda ya nuna cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusan ƙananan 'yan kasuwa asara suke yi. Saboda haka ninkin 1:500 da ake tallata wa ma'aikaci a Kano ko Kaduna ta wayarsa haja ce da aka hana sayar wa ƙaramin ɗan kasuwa a Faris da Balin. Yawanci yana zuwa ne ta rassan da aka yi wa rajista a tsibiran da dokokinsu suke da sassauci, inda babu tabbacin kariya daga bashi sai abin da yarjejeniya ta ƙunsa.

Wanda duk da haka ya ƙudurta shiga, akwai lissafi ɗaya da ya wajaba a kansa kafin ya danna Buy ko Sell. Ya duba yarjejeniyar dillali ya ga a kashi nawa ake rufewa, ya lissafa kuɗin da zai rage a wannan matsayi, ya cire shi daga abin da yake asusu, sannan ya raba sakamakon da darajar ɗigo ɗaya. Ga akawun nan, 1,000 a cire 275, a raba da 10, ya ba da ɗigo 72 da rabi. Idan lambar da ta fito ba ta fi motsin rana ɗaya na kasuwar nesa ba, cinikin ya yi girma, komai kyawun hasashe. Duk malamin foreks da yake karɓar kuɗin horo yana nuna hotunan riba, amma ya kasa faɗin wannan lamba a kan cinikin da yake ba da shawara, bai cancanci a saurare shi ba, balle a biya shi.