Ba Azumi Aka Ce Ba, Gwaggo: Yadda Kalma Ɗaya Ta Ɓata Mana Awon Sukari

Wannan makon laifina zan tona da kaina, domin na san akwai da yawa a cikinku da ake miƙo wa waya a ce, "Ke da kika yi boko, duba mana abin da likita suka aiko."

Ina da gwaggo, yayar mahaifina, da ke zaune a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ta haura shekara saba'in, tana fama da ciwon sukari, kuma ba ta jin Faransanci. Asibitin da take zuwa kan turo saƙon tunatarwa a wayar jikanta, shi kuma ya turo mini. Wata rana ina tsakiyar aiki saƙo ya shigo, ga shi kamar yadda yake a waya:

```
Rappel RDV : mercredi 05/11 à 07h30, laboratoire, glycémie à jeun.
Consultation à 14h30. Venir avec carnet, dernière ordonnance
et médicaments en cours.
```

Na kira ta a tsaye, ina sauri. Na ce, "Gwaggo, ranar Laraba da safe za a auna miki sukari, ki zo da azumi." Ta ce, "To 'yar nan, Allah ya kai mu." Na kashe waya ina ganin na gama aikina.

Gwaggo kuwa ta yi abin da duk Bahaushiya za ta yi idan aka ce mata azumi. Ta tashi kafin Asuba ta yi sahur da ɗumamen tuwo, ta kora da fura, sannan ta kama baki. Aka ɗebi jininta wajen ƙarfe takwas, wato awa uku kacal bayan ta cika cikinta. Sakamako ya fito 2,40 g/L. A asibitocinmu na Nijar da giram ake rubuta sukarin jini, kuma ga wanda ya kwana bai ci komai ba, daga 1,26 zuwa sama ne ake zancen ciwon sukari. 'Yan uwanmu na Najeriya za su fi gane wannan iyakar da 126 mg/dL ko 7,0 mmol/L. Likitan da ya ga 2,40 a takardar da aka rubuta cewa mai jinin ba ta ci komai ba, dole ya ɗauka maganinta ya kasa, ya fara tunanin ƙara mata.

Allah ne ya rufa asiri. Tana zaune a layin ganin likita da rana, leɓenta ya bushe, wata ma'aikaciya ta miƙa mata ruwa. Gwaggo ta ce a'a, azumi take yi, har sahur ta yi. Nan aka gane abin da ya faru, aka soke sakamakon, aka sa mata wata rana. Da ba a gane ba, da an ƙara mata ƙwaya a kan awon da ba gaskiya ba, kuma ƙarin maganin sukari ga tsohuwar da ba ta buƙatarsa yana iya faɗar da sukarinta ƙasa har ta suma. Asarar kuɗin mota da na awo da wunin ƙishirwa duk ƙanana ne a kan wannan.

Kalmar da ta ja mana duk wannan ita ce à jeun. Ma'anarta mutum ya zo cikinsa babu abinci, ya shafe aƙalla awa takwas bai ci ba. Ta yi kama da azumi a baki, amma sun saba a wurare uku. Mai azumi yana sahur, wanda za a auna ba ya yi. Mai azumi ba ya shan ruwa, wanda za a auna sukarinsa yana iya shan ruwa zalla, har ma an fi so ya sha, domin jijiya ta fi saurin samuwa. Mai azumi yana jiran Magariba, shi kuwa wannan da zarar an zare allura ya ci abincinsa. Saboda haka yanzu ba na furta kalmar azumi ko kaɗan. Cewa nake yi, "Kada ki karya kumallo sai an ɗebi jini." Wannan maganar kowace tsohuwa ta san ta.

Amma ko ita ba ta isa ba sai an lissafa abubuwa da sunansu. A wurin iyayenmu "abinci" tuwo ne da shinkafa. Koko, kunu, fura, shayi mai sukari, dabino da goro ba sa cikin lissafi. Idan kika ce kada ta ci abinci, za ta sha kofin kunu da zuciya ɗaya, ta rantse ba ta ci komai ba, kuma a ganinta gaskiya ta faɗa. Ki ambata mata su ɗaya bayan ɗaya, sannan ki rufe da abin da aka yarda: ruwa zalla.

Da saƙo na biyu ya zo, shi ma ranar Laraba, sai na zauna na yi shi a natse, kuma nan na ga wani ramin da na kusa faɗawa. Na so in ce mata ta ci abincinta na ƙarshe "da dare". To wane dare? A lissafinmu na Hausa dare ne ke gaba da yini. Daren Juma'a shi ne wanda ake shiga bayan faɗuwar ranar Alhamis. Jikanta ɗan makaranta idan ya ji "daren Laraba" zai ɗauka bayan an wuni Laraba ne, ita kuma za ta ɗauka daren da za a wayi gari Laraba. Mutum biyu a gida ɗaya, kalma ɗaya, dare biyu. Sai na bar sunan daren gaba ɗaya na ce, "Ranar Talata, in kin yi sallar Isha'i, ki ci tuwonki kafin ƙarfe tara." Daga tara na dare zuwa bakwai da rabi na safe awa goma da rabi ne, ya wuce takwas ɗin da ake nema.

Ranar ma ba da lamba na faɗa mata ba. A saƙon Faransanci rana ce ke zuwa kafin wata, don haka 05/11 biyar ga Nuwamba ne. Amma Gwaggo da watan sama take lissafi, ba ta da ruwa da Nuwamba. Kasuwar garinsu Talata take ci, sai na ce mata, "Washegarin kasuwa, wannan mai zuwa, ba ta sama ba." Lambar kwanan watan kuma na bar wa jikan da zai raka ta.

Haka ma agogo. Saƙon yana amfani da lissafin awa 24. Duk lambar da ta wuce 12, ki cire 12 daga ciki: 14h30 ƙarfe biyu da rabi ne na rana. Na taɓa ganin wanda ya hango 4 ɗin da ke cikin 14 ya kawo mahaifiyarsa ƙarfe huɗu da rabi, ya tarar likita ya tashi. Ga tsohuwa yana da kyau a jingina lokacin da sallah, amma a haɗa da agogo, tunda masallatai ba lokaci ɗaya suke tsayar da Azahar ba.

Wani abin da ke rikita mutane, ko da yake bai fito a wannan saƙon ba, shi ne idan aka rubuta dans huit jours ko dans quinze jours. Kalma da kalma kwana takwas ne da kwana goma sha biyar, amma abin da mai Faransanci yake nufi shi ne mako ɗaya da mako biyu. Na farkon shi ne "rana i ta yau" a bakinmu. In an faɗa miki haka ranar Laraba, Laraba za ki dawo, ba Alhamis ba.

Layin ƙarshe na saƙon kaya uku ya lissafa: karne, wato littafinta na asibiti, da ordinas ta ƙarshe, wato takardar da likita ya rubuta magani a kai, da magungunan da take sha yanzu. Na ce ta zuba duk ƙwayoyinta a leda ɗaya da kwalayensu, har da waɗanda suka ƙare, har da na gargajiya in akwai. Likita ba zai gane magani da "fara ƙarama" ko "mai tsaga a tsakiya" ba, sai ya ga sunan a jikin kwali.

Akwai kuma tambayar da saƙon bai amsa ba: ta sha ƙwayarta ta safe ko ta bari? An ce ta zo da magani, ba a ce ta sha ko ta bari ba. A nan ne mai fassara ya kamata ya san iyakarsa. Wasu magungunan sukari, da allurar insulin, idan aka yi amfani da su ciki babu abinci suna iya faɗar da sukari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma ba ni na rubuta mata maganin ba, don haka na kira asibitin na tambaya. Suka ce ta riƙe na sukari sai an ɗebi jini ta ci abinci. Wannan amsar ta Gwaggo ce da irin maganinta. Taki tsohuwar ki tambayar mata tata, kada ki ara.

Ga abin da na tura mata a saƙon murya, domin ta riƙa sake saurare:

"Gwaggo, ina wuni. Ranar Talata bayan Isha'i ki ci tuwonki kafin ƙarfe tara. Daga nan ba koko, ba fura, ba shayi, ba goro, sai ruwa zalla, shi kam ki sha. Ba azumi ba ne, babu sahur. Laraba, washegarin kasuwa, ku isa wurin awon jini bakwai da rabi na safe. Maganin sukari ki riƙe shi a jaka. Ki tafi da abin karin kumallo a kwano, ana gama ɗibar jini ki ci, ki sha maganinki. Ƙarfe biyu da rabi na rana za ki ga likita. Ki ɗauki karne da ordinas da ledar magani. In kin ji jiri, ko gumi, ko rawar jiki kafin a kira ki, ki faɗa wa ma'aikata nan take, kada ki daure."

Bayan ta saurara na kira ta. Ban ce "Kin gane?" ba, domin iyayenmu ba sa ce wa 'ya'yansu a'a a irin wannan, "to" kawai za ki ji. Cewa na yi, "Gwaggo, faɗa mini yadda za ki yi daga Talata zuwa Laraba, in ji ko na manta wani abu." Ta jero komai daidai, sai a ƙarshe ta ce, "Goro dai guntu ba ya karya komai ko?" Da ban sa ta maimaita ba, da guntun goron nan ya tafi da ita har bakin ɗakin awo.

Wannan karon sakamakon ya fito 1,38 g/L, likita ya bar mata maganinta yadda yake. Har yau in na je gaishe ta sai ta tsokane ni, ta ce ni na sa ta azumin da babu lada.

In akwai wata kalmar takardar asibiti da ta taɓa rikita ku a gida, ku rubuto mini ita yadda take, mu warware ta tare a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.