Ilyasu, Alyasa'u da Ishaya: Kada Kunne Ya Yanke Mana Hukunci

Da yawa daga cikinmu littattafan Turanci muke dubawa idan za mu yi rubutu kan tarihin annabawa. Sai mu ci karo da suna kamar Elisha, mu furta shi a baki, mu ji ya yi kama da Ishaya ko Isa, mu rubuta haka mu wuce. A ganinmu wannan ɗabi'a ce da ya kamata mu bari. Sunan annabi ba abin cinke ba ne, kuma masu karatunmu, Musulmi da Kirista, ba sa yafe irin wannan kuskure.

Mu fara da hanyar da sunayen suka bi. Yawancinsu asalinsu Ibrananci ne. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa aka fara fassara littattafan Yahudawa zuwa Girkanci a Iskandariya ta Masar, daga baya, wajen shekara ta 400, Jerom ya yi fassarar Latin. Girkanci kuwa yana da halaye biyu da suka sauya kamannin sunayen. Ba shi da sautin "sh", sai ya mayar da shi "s". Sannan yana son liƙa "s" a ƙarshen sunan namiji. Shi ya sa Eliyahu ya koma Elias, Yona ya koma Ionas. Ku duba Ilyas da Yunus na Larabci, za ku ga wannan "s" ɗin a ƙarshensu, alhali babu ita a Ibrananci. Amma ba kullum ba ne: Moshe ya zama Moyses a Latin, Larabci kuwa Musa ya ce, ba "s" a ƙarshe.

To, ga mutum uku da suka fi rikita mu. Eliyahu shi ne Elijah na Turanci, Iliya a Littafi Mai Tsarki na Hausa, Ilyasu a bakin malamanmu. Ba sauti kaɗai ya tabbatar mana ba. A Suratus Saffat yana yi wa mutanensa faɗa kan bautar Ba'al, a 1 Sarakuna sura 18 kuma Iliya ne ya kara da annabawan Ba'al a Dutsen Karmel. Suna ya zo ɗaya, labari ya zo ɗaya.

Elisha almajirin Iliya ne kuma magajinsa. Latin na kiransa Eliseus, malaman tafsiri kuma shi suke ɗauka a matsayin Alyasa'u, wanda aka ambata sau biyu a Alƙur'ani, a An'am aya ta 86 da Sad aya ta 48. Ishaya kuwa wani mutum ne daban, Yeshayahu a Ibrananci, Isaias a Latin, Isaiah a Turanci. Ya rayu a Urushalima fiye da shekara ɗari bayan Iliya, kuma ba a ambaci sunansa a Alƙur'ani ba. Wanda ya fassara Elisha da Ishaya ya musanya mutum da mutum.

Ko manyan masu fassara sun taɓa faɗawa ramin. Girkanci na rubuta Iesous ga Joshuwa magajin Musa, wato Yusha'u bn Nun, haka kuma yake rubutawa ga Yesu. Saboda haka fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 ta sa Jesus a Ayyukan Manzanni 7:45 da Ibraniyawa 4:8, inda Joshuwa ake nufi. Haka Zakariya: akwai annabin da ya yi wa'azi wajen shekara ta 520 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan dawowa daga bautar Babila, akwai kuma mahaifin Yahaya na Suratu Maryam. Kimanin shekara ɗari biyar ne tsakaninsu.

Abin da muke ba da shawara shi ne, kafin mu daidaita suna da suna, mu tambayi waye ubansa ko malaminsa, ga wace al'umma aka aiko shi, a zamanin wane sarki, kuma wane labari aka san shi da shi. Sauti shi ne shaida ta ƙarshe.

Akwai kuma inda labarin ma bai isa ya raba gardama ba. Cewa Idrisu shi ne Enoch, ko Zulkifli shi ne Ezekiyel, ko Shu'aibu shi ne Yetro surukin Musa, ra'ayin wasu malamai ne, wasu sun saɓa musu. A nan mu rubuta "wasu malamai sun ce", kada mu rubuta "wato". Idan kuma labari muke rubutawa, mu bar kowane ɗan wasa ya kira sunan yadda aka koya masa: fasto a Zonkwa zai ce Iliya, malamin zaure a Zariya zai ce Annabi Ilyasu, alaihis salam.