Fushi ba ya kare kundin digiri

Makon da ya wuce na halarci zaman kare kundin digiri na biyu a wata jami'a a nan Arewa, kuma har yanzu raina bai daina ɓaci ba. Wani ɗalibi ya yi shekaru yana bincike a kan abin da ke sa malaman firamare barin koyarwa a wata ƙaramar hukuma. Mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'ar ya buɗe babi na uku, ya ɗaga murya ya ce, "Takardun tambayoyi 300 ka raba, 180 suka dawo. Wannan kake kira bincike? Ina sauran?" Sai yaron nan ya murtuke fuska, ya ce ai mai duba aikinsa ne ya sa hannu, kuma shi ya san wahalar da ya sha. Daga nan zama ya lalace. An yi wajen minti ashirin ana cacar baki, ba wanda ya ƙara waiwayar malaman firamaren da aka taru dominsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaron yana da amsa a hannunsa, fushi ne ya rufe masa ido. Malaman ƙaramar hukumar 1,200 ne. Lissafin Taro Yamane na 1967, wanda ɗalibanmu suka fi amfani da shi, ya nuna cewa mutum 300 ake bukata daga wannan adadi idan ana so tazarar kuskure ta tsaya a kashi 5 cikin ɗari. Da aka samu 180, wannan lissafin dai ya nuna tazarar ta faɗaɗa zuwa wajen kashi 7. Yaron ya gano cewa kashi 62 na masu amsawa sun ɗora laifin a kan jinkirin albashi. Ka cire bakwai, ka ƙara bakwai, abin zai tsaya tsakanin 55 da 69. Ko ta wane gefe aka duba, mafi rinjaye ne. Da ya faɗi wannan cikin natsuwa, da rabin wutar ta mutu nan take.

Sauran rabin kuwa ba a kashe ta da lissafi, sai da gaskiya. Su wane ne mutum 120 da ba su dawo da takarda ba? Daga baya na tambaye shi a waje, ya ce yawancinsu malaman ƙauyukan da ke bakin daji ne, inda rashin tsaro ya hana shi komawa karɓa. To nan ne ainihin raunin yake, domin ba ƙara yawan malaman cikin gari zai toshe wannan giɓi ba. Malamin ƙauyen bakin daji wataƙila tsoron hanya ne ke korarsa daga aji, albashi na biye. Amsar da ta dace ba ta wuce haka ba: "Ranka ya daɗe, gaskiya ne. Waɗanda ban samu ba galibi na ƙauyukan nesa ne, saboda haka sakamakona ya fi magana a kan malaman gari da kewayensa. Zan gyara babi na biyar ya nuna haka ƙarara." Ka amince da aibin, ka auna girmansa, ka rage faɗin iƙirarinka ya dawo daidai da hujjarka. Mai jarrabawar da ya ji wannan ya san yana gaban wanda ya fahimci aikinsa, abin da aka zo tantancewa ke nan. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Amma ta yaya ɗalibi zai iya wannan alhali sashen da ya kamata ya shirya shi ya zama wurin kwafe? Ku ɗauko kundaye goma daga ɗakin karatu na kowane sashe, ku buɗe inda aka rubuta naƙasun bincike. Abin da za ku yi ta cin karo da shi: ƙarancin lokaci, ƙarancin kuɗi, rashin haɗin kan masu amsa tambayoyi. Wallahi na gaji da ganin waɗannan jimloli uku. Wannan koke ne, kuma ba a tara farfesoshi don sauraren koke ba. Wane mai bincike ne a duniya kuɗi da lokaci suka taɓa isar sa? Naƙasun bincike na nufin ka faɗa wa mai karatu inda sakamakonka zai iya karkacewa, da gefen da zai karkata. Ka yi tambayoyinka a lokaci guda, don haka ba ka da ikon cewa wannan ne ya haddasa wancan, iyakarka ka ce suna tafiya tare. Shugaban makaranta ne ya raba maka takardun, don haka mai yiwuwa malamai sun sassauta suka. Ka fassara tambayoyin daga Turanci zuwa Hausa ba tare da wani ya mayar da su Turanci an gwada ko ma'ana ta kauce ba. Irin wannan ake so. Amma ina! Ɗalibi ya kwafo daga kundin wanda ya gabace shi, shi ma daga wani ya kwafo, har kuskuren rubutu ake gada. Mai duba aiki ya gani ya wuce, domin hankalinsa na kan girman haruffa da faɗin gefen takarda. Ranar karewa kuma a tambayi yaro abin da bai taɓa zama ya yi tunani a kai ba, dole ya ji kamar an ci zarafinsa.

Kada kuma a ɗauka na wanke masu jarrabawa. Akwai malamin da ke shigowa zauren nan kamar mai ramuwar gayya, abin da aka yi masa shekaru talatin da suka wuce yake hucewa a kan ɗan wani. Akwai wanda rigimarsa da mai duba aikin ce, ɗalibi ne kawai ya faɗo tsakiya. Ga kuma mummunar al'adar nan ta sa ɗalibin da ya ci bashin kuɗin buga kundi ya sayo kaji da lemo ya jera wa masu yanke masa hukunci. Wannan abin kunya ne, ya kamata majalisun jami'o'i su hana shi. Shi ma mai duba aikin yaron nan ya sunkuyar da kai yana latsa waya, kamar ba sa hannunsa ne a shafin farko ba.

Duk da haka, ɗalibi, kai ne a kan kujerar. Tun muna makarantar allo muka ji cewa wani ya nemi wasiyya wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka yi ta maimaita masa kada ya yi fushi, kuma mun san jarumi shi ne mai mallakar kansa a lokacin da zuciya ta taso. A zauren kare kundi wannan na da hanyar aikatawa. Ka riƙe biro, ka rubuta tambayar yayin da ake yin ta, domin rubutun zai ba ka ɗan lokaci numfashinka ya daidaita, kuma zai raba maka tambayar da zafin muryar da ta zo da ita. Kada ka katse mai magana. Idan ba ka gane ba, ka ce, "Yallaɓai, yawan mutanen ake nufi ko yadda na zaɓo su?" Kada ka laɓe a bayan mai duba aikinka, sunanka ne a bangon kundin. Idan kuma sukar ta shafi abin da tun farko ka ware daga farfajiyar bincikenka, ka buɗe babi na ɗaya ka nuna shafin cikin ladabi, ka tsaya a kan matsayinka ba tare da ɗaga murya ba.

Yaron nan bai faɗi ba, amma an ɗora masa manyan gyare-gyare, har da komawa ya sake raba takardu. Da ya amsa yadda ya kamata, ina kyautata zaton sakin layi biyu a babi na biyar da gyaran take sun ishe shi.